Shugaba ya yanke hukunci kafin taro: yadda ake tabbatar da shi, da yadda rahoton taro ke nuna hakan

A ƙungiyoyi da dama a Jos, daga na 'yan kasuwa zuwa na ma'aikata da kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, akwai wata taƙaddama da kan taso duk lokacin da masu binciken kuɗi suka buɗe littattafai a ƙarshen shekara. An kashe kuɗi tsakanin wannan taro da wancan. Shugaba ya ce ai ya faɗa wa kwamiti, kuma ba wanda ya musa. Sakatare ya buɗe rahoton taro, wanda aka fi kira minit, sai a tarar layi ɗaya tak aka rubuta: "Shugaba ya sanar da taro batun gyaran sito." Mai bincike ya ce sanarwa daban, amincewa daban. Daga nan sai magana ta koma ta rashin yarda, alhali sau da yawa ba wanda ya ci ko sisi.

Abin ya ƙaru tun kullen korona na 2020, lokacin da ƙungiyoyi suka saba da yanke shawara ta waya da WhatsApp. Jama'a sun koma zama ido da ido, amma sabon bai tafi ba: shugaba ya tura saƙo, mutum huɗu su amsa da "Allah ya taimaka", a ɗauka magana ta ƙare.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Tabbatarwa ita ce taron da ke da ikon yanke wani hukunci ya karɓi abin da wani ya riga ya aikata da sunansa ba tare da izini ba, ya mayar da shi nasa. Hukunci ne sabo, mai zaman kansa. Ana gabatar da ƙudiri, wani ya goya baya, a tattauna, a kaɗa ƙuri'a, kamar kowane ƙudiri.

Sanarwa kuwa labari ne kawai. Shugaba ya faɗi abin da ya yi, taro ya ji. Idan abin da ya yi yana cikin ikon da tsarin mulkin ƙungiya ya ba shi, sanarwar ta wadatar, domin babu abin da za a tabbatar. Idan ya wuce ikonsa, jin da taro ya yi bai sauya komai ba.

Na ukun shi ne amincewa da rahoton taron baya, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Lokacin da aka karanta minit aka ce an amince, abin da ake nufi shi ne rubutun ya dace da abin da ya faru a wancan zama. Ba a nufin an yarda da duk aikin da aka ambata a ciki. Mamba na iya amincewa cewa lallai shugaba ya ba da labarin gyaran sito, kuma har yanzu yana adawa da gyaran.

## Daga ina ƙa'idar ta samo asali

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan mas'ala da sunan cinikin fuduli, wato mutumin da ya saya ko ya sayar da sunan wani ba tare da an wakilta shi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan, da kuma Hanafiyya, cinikin ya ƙullu amma yana rataye: in mai abu ya yarda ya tabbata, in ya ƙi ya warware. Shafi'iyya a ra'ayinsu da ya fi shahara suna ganin cinikin ɓatacce ne tun farko. Masu ra'ayin farko suna kafa hujja da hadisin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi (SAW) ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. Daga irin wannan ne aka samu ƙa'idar da ke cewa yardar da ta biyo baya tamkar wakilcin da ya gabata ce.

Dokar wakilci da Nijeriya ta gada daga Ingila ta zo daidai da wannan. Tabbatarwa tana komawa baya ta fara aiki daga ranar da aka yi abin, ba daga ranar taro ba. Sharuɗɗanta ma sanannu ne: wanda ya yi aikin ya yi shi da sunan ƙungiya ba da sunan kansa ba, masu tabbatarwa su san gaskiyar abin da suke tabbatarwa, kuma abin ya kasance wanda su kansu suke da ikon yi. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ba babban taron masu hannun jari ikon tabbatar da matakin da daraktoci suka ɗauka, ta kuma ce rahoton taro da shugaban zaman ko shugaban zama na gaba ya sa wa hannu hujja ce ta abin da ya gudana, sai in an kawo shaidar da ta rushe ta. Ƙungiyoyin gama kai suna da dokarsu daban da tsarin mulkinsu, amma mai bincike ko alƙali da zai duba rigimarsu, minit ɗin nan zai fara nema.

Ko a gwamnati an ga irin wannan. A watan Afrilun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya rubuta wa Majalisar Tarayya cewa ya ba da izinin fitar da dala miliyan 496 don sayen jiragen yaƙi 12 samfurin Tucano kafin majalisar ta amince, saboda wa'adin biya ya matso. Wasu 'yan majalisa sun ce an taka tsarin mulki, wasu suka ce larura ce ta tsaro. Musun da aka yi a Abuja a lokacin shi ne dai wanda ake yi a ƙananan ƙungiyoyi: shin gaggawar ta gaskiya ce, kuma wa ke da ikon yardar?

## Misali dalla-dalla

A ɗauka akwai wata ƙungiyar gama kai ta 'yan gwari a yankin Farin Gada, tana da sito inda mambobi ke ajiye albasa da dankalin Turawa. Tsarin mulkinta ya ce shugaba na iya kashe har naira 200,000 da kansa, kwamitin gudanarwa har naira miliyan 2, abin da ya haura haka sai babban taron mambobi. Kwamitin mutum 11 ne, zama ba ya halatta sai da shida, kuma ana zama Asabar ɗin farko ta kowane wata.

An yi taro ranar 5 ga Afrilu 2025. Daren 13 ga wata iskar farkon damina ta yaye rabin kwanon sito. Taro na gaba sai 3 ga Mayu, kusan mako uku ke nan, ga hadari kullum, ga albasa da ba ta son danshi. Washegari shugaba ya kira kafintoci biyu, ɗaya ya ce naira 850,000, ɗaya ya ce 920,000. Ya ba na farkon aiki, shi da ma'aji suka sa hannu aka biya kafin alƙalami na 500,000 daga asusun ƙungiya.

Ba mai hankalin da zai ce a bar kaya ruwa ya doke su. Amma 850,000 ta ninka ikon shugaba fiye da sau huɗu. A wannan tsakanin aikin yana rataye, irin na fuduli: kwamiti bai ba da izini ba, bai kuma ƙi ba.

Abin da shugaba zai yi tun ranar shi ne ya rubuta gajeriyar takarda ga sakatare: abin da ya faru, abin da ya yanke, nawa, ga wa, da dalilin da ya hana jiran taro. A haɗa da hotunan ɓarnar, takardun farashin nan biyu, da shaidar biyan kuɗi. Sakatare ya sa batun a ajandar 3 ga Mayu da sunansa, "Tabbatar da matakin shugaba kan gyaran rufin sito", ya aika tare da takardar kiran taro. Kada a tura shi ƙarƙashin "sauran batutuwa", inda ake kawo magana bayan rabin mutane sun tashi sallah ko sun koma rumfa. Mamban da ya san za a yi maganar 850,000 zai iya barin kasuwa ya zo. Wanda bai sani ba yana da hujjar ƙorafi daga baya.

Ranar taro mutum tara suka halarta. Da aka zo batun, shugaba ya yi bayani, ya amsa tambayoyi, sannan ya miƙa wa mataimakinsa kujera, domin aikinsa ne ake aunawa. Shi da ma'aji ba su kaɗa ƙuri'a ba. Saura bakwai, wanda har yanzu ya haura shidan da ake buƙata. Wani mamba ya tambayi abin da ya sa ba a kira taron gaggawa ba, tunda duk a kasuwa ɗaya ake. Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ta cancanci shiga minit. Daga nan aka gabatar da ƙudiri, aka goya baya, biyar suka yarda, ɗaya ya ƙi, ɗaya ya janye.

## Yadda minit zai nuna shi

Ga irin rubutun da ke tsayawa a gaban mai bincike:

"Batu na 5: Tabbatar da matakin shugaba kan rufin sito. Shugaba ya gabatar da takardarsa mai kwanan wata 14 ga Afrilu 2025, da takardun farashi biyu da shaidar biya, an liƙa su a matsayin Rataye na 1. Ya bayyana cewa iska ta yaye rufin daren 13 ga Afrilu, kuma jiran taro zai jawo asarar kayan mambobi. Da aka tambayi dalilin rashin kiran taron gaggawa, ya ce tsarin mulki na buƙatar sanarwar kwana uku, kuma ana sa ran ruwa. Shugaba ya sauka daga kujera, mataimaki ya jagoranci batun. Sakataren kuɗi ya gabatar da ƙudiri, jami'in walwala ya goya baya. AN YANKE a yau, 3 ga Mayu 2025, cewa kwamiti ya tabbatar da kwangilar gyaran rufin sito da shugaba ya bayar ranar 14 ga Afrilu 2025 a kan naira 850,000, da biyan naira 500,000 da aka yi a ranar, kuma ya ba ma'aji izinin biyan ragowar naira 350,000 bayan mambobi biyu sun duba aikin. Ƙuri'a: 5 sun yarda, 1 ya ƙi, 1 ya janye. Shugaba da ma'aji ba su kaɗa ba. Shugaba ya koma kujera."

A minit na gaske za a rubuta sunan kafintan da sunayen mai ƙudiri da mai goyon baya. Abin lura shi ne kwanan wata biyu ne a ciki, ranar aiki da ranar tabbatarwa, kuma duka biyun sun fito fili. Haka nan ƙudirin ya raba abu biyu: tabbatar da abin da ya wuce, da izinin abin da bai zo ba. Ragowar 350,000 ba a biya ba tukuna, don haka izini take buƙata, kuma kwamiti na da damar ɗora mata sharaɗi.

Kuskure mafi muni shi ne sakatare ya koma minit ɗin 5 ga Afrilu ya cusa layin da ke cewa an ba shugaba izinin gyara rufi. Wasu kan yi haka da kyakkyawar niyya, wai don takardu su daidaita. Wannan ƙarya ce a rubuce, kuma tana da sauƙin kamawa: ta yaya taron 5 ga wata ya amince da gyaran ɓarnar da ta faru ranar 13? Gaskiyar da aka rubuta a 3 ga Mayu ta riga ta wadatar, tunda tabbatarwa da kanta tana komawa baya.

Akwai wasu alamomin rauni da mai karanta minit zai iya ganewa. "An amince da duk matakan da shugaba ya ɗauka tun taron baya" jimla ce da ba ta faɗi komai ba, domin ba ta nuna taro ya san waɗanne matakai ba ne. "Babu wanda ya yi adawa" ba tare da ƙudiri ba, ba ta nuna an tambayi kowa. Rashin jerin mahalarta kuma yana nufin ba a iya sanin ko zaman ya halatta. Minit ɗin da kansa ba ya kammala sai an karanta shi a taro na gaba, an amince da ingancinsa, an sa hannu.

## Abin da tabbatarwa ba ta iya gyarawa

A canza lamba ɗaya a misalin. Da kuɗin gyaran naira miliyan 2 da dubu 400 ne, ko duk mutum 11 sun ɗaga hannu, kwamiti ba zai iya tabbatarwa ba, don shi kansa ba shi da ikon kashe wannan adadin. Iyakarsa ya rubuta cewa ya ba da shawarar babban taro ya tabbatar, a kai maganar can. Raba aikin gida biyu, a kira ɗaya kuɗin kwano ɗaya kuɗin katako don kowane ya faɗo ƙasa da miliyan 2, dabara ce da masu bincike suka sani sarai.

A canza wani abu kuma. Idan daga baya ta bayyana kafintan surukin shugaba ne kuma bai faɗa ba, ƙuri'ar 3 ga Mayu ta yi rauni, domin an kaɗa ta ba tare da sanin wani abu da zai iya sauya ra'ayin mutane ba. Surukuta ba laifi ba ce, kuma mai yiwuwa shi ne ya fi sauƙin farashi. Ɓoyewar ce ke ɓata lamarin. Da ya faɗa, aka rubuta, aka kuma yarda, da magana ta mutu.

Sannan abin da doka ko tsarin mulkin ƙungiya ya haramta kai tsaye, kamar ba wanda ba mamba ba rance daga kuɗin ajiya idan an hana hakan, ba ya halatta da ƙuri'ar kwamiti. Sai dai a gyara tsarin mulkin ta hanyar da aka tanada, don gaba.

## Inda ra'ayoyi suka bambanta

Masu goyon bayan sakin hannun shugaba suna cewa an zaɓe shi ne don ya ɗauki nauyi. Ƙungiyar da shugabanta ke tsoron taɓa komai sai bayan wata guda, za ta riƙa asarar abin da ya fi kuɗin gyara. Suna ƙara da cewa tabbatarwa ba wulaƙanci ba ce ga shugaba, kariya ce gare shi, don tana ɗauke nauyin daga wuyansa ta mayar kan ƙungiya.

Masu taka-tsantsan suna cewa da wuya taro ya ƙi abin da aka riga aka gama. Kwano yana sama, kuɗi sun fita, shugaban kuma dattijo ne da ake jin nauyinsa, wa zai ɗaga hannu ya ce a'a? Ta haka tabbatarwa kan zama sa hannu kawai, kuma gaggawa ta zama hanyar kauce wa muhawara. Hujjarsu tana da ƙarfi inda aka ga batun tabbatarwa yana dawowa kowane wata, ko inda abin da aka kira gaggawa sananne ne tun tuni, kamar kuɗin haya da kowa ya san ranar ƙarewarsa.

A kan ko shugaba zai kaɗa ƙuri'a ma an saɓa. Wasu na ganin mamba ne kamar kowa, in tsarin mulki bai hana shi ba haƙƙinsa ne. Wasu na ganin mutum ba ya zama alƙali a shari'arsa. Ko da tsarin mulki ya yi shiru, ƙuri'ar da ta wuce ba tare da tasa ba ta fi wuyar ƙalubalanta, musamman idan tazarar ɗaya ce.

Mafitar da ta fi rage rigima ita ce a rubuta ƙa'idar gaggawa tun kafin a buƙace ta: iyakar kuɗi, jami'ai biyu da dole a tuntuɓa, sanar da sauran mambobin kwamiti a rubuce cikin kwana biyu, da kawo batun a taro na farko da ya biyo baya. Saƙonnin WhatsApp suna da amfani a matsayin shaidar cewa an tuntuɓi mutane, amma ba su zama hukuncin kwamiti sai in tsarin mulki ya amince da yanke shawara ta wannan hanya. Ko a dokar kamfanoni, ƙudirin da daraktoci suka yanke a rubuce ba tare da zama ba yana buƙatar sa hannun dukkansu, ba na masu rinjaye ba.

## Idan taro ya ƙi, ko ya yi shiru

Ƙin tabbatarwa ma hukunci ne, kuma ana rubuta shi da adadin ƙuri'u. A cikin gida, ma'anarsa ita ce ƙungiya na iya neman shugaba, da ma'ajin da ya sa hannu tare da shi, su mayar da kuɗin da suka fita ba bisa izini ba. Taro na iya kuma tabbatarwa tare da rubuta jan kunne, wanda sau da yawa shi ne ke gamsar da ɓangarori biyu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a riƙe amfanin ciniki a yi watsi da nauyinsa: a ce an karɓi rufin amma ba a yarda da kuɗinsa ba.

Kafintan kuwa matsayinsa daban ne. Bai karanta tsarin mulkin ƙungiya ba. Ya ga shugaba, ya ga kuɗi sun shigo daga asusun ƙungiya, ya yi aiki. Idan ƙungiya ta san abin da aka yi, ta yi shiru wata da watanni tana ajiye kaya a ƙarƙashin sabon rufi, kotu na iya ɗaukar wannan a matsayin tabbatarwa ta hanyar aiki, ta tilasta a biya shi. Idan kuma ƙungiya ta ƙi a kan lokaci, yana iya bin shugaban da kansa, tunda shi ya nuna masa yana da iko.

Shi ya sa shiru ya fi cutar da mambobi na ƙasa. A waje an ɗaure ƙungiya da bashin, a ciki kuma babu rubutun da ke nuna wa ya yarda, sai kuɗin su tsaya a littafi a matsayin abin da ba a warware ba. Rabon riba na ƙarshen shekara kan jinkirta saboda irin wannan, sabon kwamiti ya ƙi karɓar littattafai daga tsoho, mai ajiyar dubu biyar-biyar a wata ya rasa wanda zai tambaya. Mamban da ke son sanin matsayin wani kashe kuɗi yana iya neman sakatare ya nuna masa minit ɗin taron farko da ya biyo bayan ranar da aka biya, ya duba ko akwai ƙudiri mai ɗauke da adadin kuɗin, da ranar aikin, da yawan ƙuri'u. Idan babu, yana iya rubuta wa sakatare a sa batun a ajandar taro mai zuwa, domin muddin kwamitin na da ikon abin, jinkiri bai hana shi tabbatarwa ko ƙi a cikin gida ba.